Hoton Tsakiya

A gida Dakta ake ce mata, ko da yake har yanzu babu wanda ya ba ta takardar. Kawunta ne ya laƙaba mata sunan ranar da ta shiga karatun digiri na uku, sunan kuwa ya bi ta shekara huɗu kamar ƙaiƙayi. Duk wanda ya kira ta da shi sai ta ji kamar tambaya yake yi: yaushe za ki gama?

To, ga shi ta kusa. Ranar Litinin za a rufe karɓar kundi na bana, wanda bai miƙa ba kuma sai baɗi. Ranar Alhamis da hantsi ta hau bene zuwa ofishin malamar da ke duba aikinta, rungume da kundin.

Ɗalibai suna kiran malamar Jan Biro, kuma ba zalunci suka yi mata ba. Mace ce 'yar siririya, mai tabarau a kan hanci, wadda ba ta taɓa ɗaga murya ba, don ba ta bukata. Ofishinta matsattse ne. Akwai fanka mai kuka a kusurwa, da allo fari wanda tsohon rubutu ya ƙi gogewa daga jikinsa, da kujerar baƙo mai guntuwar ƙafa da aka tallafe da tsohuwar mujalla. Dakta ta zauna a kanta a hankali.

Aikinta a kan yaren kakarta ne. Ƙaramin yare ne, masu jinsa sosai ba su cika mota guda ba, kuma Kaka ce kaɗai a cikinsu da ƙwaƙwalwarta ke nan garau. Shekara biyu Dakta ta yi tana ɗaukar muryar tsohuwar, tana rubutawa. Babi uku na farko bayanin sautuka ne da ginin kalma, aiki mai kyau amma irin wanda kowa zai iya in ya yi haƙuri. Babi na huɗu ne nata na kanta. Nan ta ce ta gano wani abu.

"Babi na huɗu," in ji Jan Biro, ta buɗe daidai wurin ba tare da ta lalubo ba. "Faɗa mini abin da kike da'awa. Da baki, ba karatu ba."

"Malama, akwai jimla a yaren, in aka juya ta kalma bayan kalma, tana cewa: duk baƙin ba su zo ba. Na nuna cewa ma'ana biyu take ɗauka."

"Tashi ki rubuta su daban-daban."

Wannan kam Dakta ta iya ko daga barci aka tashe ta. Ta ɗauki alƙalamin allo ta rubuta:

Ta ɗaya: kowane baƙo ka ɗauka, bai zo ba.
Ta biyu: ba gaskiya ba ne cewa kowane baƙo ya zo.

Ƙarƙashin kowace ta sa alamomin da masu wannan fanni ke amfani da su. A ta ɗaya, harafin nan mai kama da A da aka kife, wanda ke tsaye a madadin "duk", shi ne a gaba, 'yar ƙugiyar korewa tana can ciki manne da "zo". A ta biyu ƙugiyar ce a gaba, ta rufe komai har da "duk" ɗin.

∀x (baƙo(x) → ¬zo(x))
¬∀x (baƙo(x) → zo(x))

"A ta ɗaya 'duk' ne ya rufe korewa," ta ce, "wato babu ko mutum ɗaya da ya zo. A ta biyu korewa ce ta rufe 'duk', wato akwai aƙalla mutum ɗaya da bai zo ba."

"Da kyau. Yanzu ina hujjarki?"

Dakta ta buɗe rataye na ƙarshen kundin. Hotuna ne da ta zana da hannunta. Na farko kujeru biyar, kowace da mutum a kai. Kaka ta ce jimlar ƙarya ce a nan, kuma haka ya kamata. Na biyu kujeru biyar, duka wayam. A nan Kaka ta ce gaskiya ce. Sai Dakta ta tambaye ta: wato babu wanda ya zo? Ta ce eh. Ta sake tambaya: kuma za a iya cewa ba duka ne suka zo ba? Ta ce eh mana.

"Eh biyu," in ji Dakta. "Ma'ana biyu."

Jan Biro ta cire tabarau ta goge shi da bakin mayafinta. Ɗalibai sun san wannan gogewar, kuma ba sa son ta.

"Dubi hotonki na biyu. Babu kowa a kujerun. Ma'ana ta ɗaya gaskiya ce?"

"Gaskiya ce."

"Ta biyu fa? In babu wanda ya zo, shin gaskiya ne a ce ba duka suka zo ba?"

Dakta ta sake duban hoton.

"Gaskiya ne," ta ce a hankali.

"To kin gani. Duk inda ta ɗaya ta zama gaskiya, ta biyu ma dole ta zama, tunda dai akwai baƙin da ake jira. Kin kai kakarki inda ma'anonin biyu suka kwanta a gado ɗaya, kin tambaye ta ko suna nan, ta ce suna nan. Ba ta yi miki ƙarya ba. Amma abin da ta amsa miki labarin hoton ne, ba labarin jimlar ba. Ina hoton tsakiya?"

"Na tsakiya?"

"Biyu sun zo, uku ba su zo ba. Nan kaɗai suke rabuwa: ta ɗaya ƙarya, ta biyu gaskiya. In ta ƙi jimlar a wannan hoton ƙememe, ko ta yaya kika kawo mata ita, to ta ɗaya kaɗai ke akwai. In ta karɓa, kin sami ta biyu. Kuma ko ta karɓa ba ki gama ba. Sai kin ga ko wani zai iya tsayawa a gaban wannan hoton ya ce a'a, ƙarya ce, ai biyu sun zo, ita kuma ta yarda shi ma yana da gaskiya. Sai kin sami eh da a'a a kan hoto guda, sannan ki zo ki ce mini ma'ana biyu."

Abin da ya fi ci wa Dakta rai shi ne ta san wannan. Ta koyar da shi ma, ga 'yan aji biyu, bara. Amma mutum in ya ƙwallafa rai a kan amsa, sai ya daina ganin tambayar da za ta iya ɓata masa ita. Kunya ta rufe ta.

"Laifina ne ni ma," in ji Jan Biro, kuma daga bakinta wannan ba ƙaramar magana ba ce. "Na karanta babin sau biyu, rubutun ya yi mini daɗi, ban leƙa rataye ba sai shekaranjiya. Kakar taki tana nan?"

"Tana nan."

"Yaushe rabonki da ita?"

Dakta ta dubi kundin. "An ɗan jima."

Wata bakwai ke nan. A cikin wata bakwai ɗin Kaka ta yi kwana goma sha ɗaya a asibiti, ƙirji ya kama ta. Lokacin Dakta na tsakiyar rubuta babi na huɗu. Ta yi waya sau uku, ta ce tana nan tafe ƙarshen mako, ƙarshen mako ya zo ya wuce, aka sallamo tsohuwar, sai ta ce ai an ji sauƙi, bari ta gama tukuna. Ba ta faɗa wa Jan Biro wannan ba.

Washegari ta zana hoton tsakiya a cikin mota, a kan cinyarta, layukan suna karkacewa duk sa'ad da taya ta faɗa rami. Bayan azahar ta isa.

Kaka tana zaune ne wurin Gwaggo, ƙanwar baban Dakta, a wani gida mai ɗaki uku bayan shagon masu gyaran firji. Gwaggo ce ta buɗe ƙofa, hannunta duk kumfar wanki.

"A'a! Yau Dakta ce a garin? Ko mota ce ta ɓace da ke?"

"Gwaggo, ina wuni. Ya mai jiki?"

"Mai jiki ta warke tun tuni, ai kin makara da gaisuwar. Shiga, tana ciki."

Ɗakin Kaka bai canja ba. Gadon ƙarfe, akwatin kaya a ƙarƙashinsa, rediyo mai ɗaure da roba a kan taga. Ita ce ta canja. Ta ragu, zoben azurfarta ya koma babban yatsa don sauran ba sa riƙe shi. Amma idon nan yana nan yadda yake, mai ganin abin da ke cikin jaka tun ba a buɗe ba.

Dakta ta durƙusa ta gaishe ta da yaren, gaisuwa mai tsawo, yadda tsohuwar ta koya mata. Kaka ta amsa har ƙarshe, sannan ta dubi jakar.

"Kin zo da 'yan sandunanki ke nan."

Haka take kiran mutanen da Dakta ke zanawa, masu kai kamar ƙwallo da jiki kamar tsinke.

"Guda ɗaya ne kawai, Kaka."

"Da ma na ce. Fito da shi."

Dakta ta kunna rikoda ta ajiye a kan akwati, ta faɗi rana da lokaci kamar yadda aka saba, ta miƙa hoton. Ta yi bayani: an gayyaci baƙi biyar, ga biyu a zaune, kujeru uku babu kowa. Sai ta faɗi jimlar da yaren, a hankali, ta tambaya ko wanda ya faɗi haka ya yi gaskiya.

Kaka ta kai hoton kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya bayansa.

"Su waye waɗannan?"

"Baƙi ne kawai."

"Baƙin wa? Me aka gayyace su yi? Wannan na gefe ma ba shi da wuya."

"Kaka, ba komai ko su waye. Jimlar nake so ki duba."

"Yo ni ina na san abin da ya hana su zuwa?"

Gwaggo, wadda ta jingina da ƙofa tana tsane hannu, ta yi dariya. Dakta ba ta yi ba. Ta sake faɗin jimlar, muryarta ta ɗan yi rawa, kuma tsohuwar ta ji rawar. Ta ajiye hoton a cinya ta dube ta sosai.

"Wannan abin, in na amsa, shi ne za su ba ki takardar?"

"In amsar ta yi daidai da abin da na rubuta, zan miƙa ranar Litinin. In ba ta yi ba, sai baɗi."

"To wacce kike so? Eh ko a'a? Faɗa mini in faɗa. Yaren nawa ne, wa zai zo ya ƙaryata ni?"

"Ato," in ji Gwaggo. "Ta ma sauƙaƙa miki."

Kada a ɓoye gaskiya, Dakta ta so ta karɓi tayin. Rikoda tana juyawa, ana iya goge minti ɗaya a sake. Eh guda, sannan a'a guda daga bakin wani baƙon da za ta ƙirƙira, shi ke nan, Litinin ta miƙa, kawunta ya ci gaba da kiranta Dakta ba tare da ta ji tambaya a ciki ba. Kuma gaskiya Kaka ta faɗa, babu mai ƙaryata ta. Wannan ɗin ne ma ya tsayar da ita. Nan da 'yan shekaru babu wanda za a tambaya, abin da ke cikin kundin shi zai zama yaren. Sannan wani tunani ya biyo baya, mai ɗaci: sau nawa a shekara biyun nan tsohuwar ta dubi fuskarta ta ba ta amsar da fuskar ke roƙo?

"Ba haka ake yi ba, Kaka," ta ce. "Ban san wacce nake so ba ma yanzu. Wadda take gaskiya."

"To kawar mini da waɗannan marasa wuyan. Ba na shaida a kan mutanen da ban sani ba. Kawo mini mutane na gaske."

Dakta ta fara laluben wani taro da za ta kawo misali da shi, wani suna ko wata walima ta dangi. Kaka ba ta jira ta ba.

"Ku nawa ne jikokina?"

"Biyar."

"To ga biyar ɗinki. Na kwanta asibiti kwana goma sha ɗaya. Babban yayanku ya zo, ya kwana biyu a kan benci. 'Yar autar gwaggonki ta zo, kullum bayan makaranta. Biyu ke nan. Uku ba su zo ba." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma dubi kowa ba, zobenta take juyawa. "Yanzu faɗi maganar taki. Sa jikoki a wurin baƙi."

Gwaggo ta bar bakin ƙofa ta koma wurin wankinta.

Dakta ta faɗa, da yaren, kalma bayan kalma: duk jikokina ba su zo ba.

"Ƙarya," in ji Kaka nan take.

"Ko da mai faɗin yana nufin cewa..."

"Ko me yake nufi. Wanda ya faɗi haka ya share yaron nan da ya kwana a benci, sauro ya cinye shi. Ba a faɗin wannan sai ɗaki ya zama babu kowa."

Aiki aiki ne, ko ido na cike da ƙwalla. Dakta ta sake gwadawa ta wata hanya, yadda aka koya mata. Ta ce a ɗauka wani ya zo yana murna, yana cewa an ce duk jikokinki sun zo, ke kuma kina so ki gyara masa. Nan ne ma'ana ta biyu ta fi samun wurin fitowa, in tana nan. Za ki iya amsa masa da wannan jimlar?

"Ba zan iya ba. Zai ɗauka babu wanda ya leƙo ni."

Ta canja inda take nauyaya murya, ta sake faɗa. Kaka ta ce yanzu kuma ta zama ƙarya mai waƙa. Ta canja aikatau, ta sa "ci" a wurin "zo", ta sa "gaishe ni". Amsa ɗaya ce. Sau shida tsohuwar ta ƙi, ba ta ko yi jinkiri ba.

Shi ke nan babi na huɗu. Shafi hamsin da biyu, wata bakwai. Dakta ta rubuta a littafinta: hoton tsakiya, an ƙi, sau shida. Ma'ana ta ɗaya kaɗai.

"To in biyu sun zo, uku ba su zo ba," ta tambaya, don tambayar da ta rage ke nan, "yaya ake faɗa?"

Kaka ta faɗi wata jimla. Kalmomin nan ne dai, jikoki, duk, zo. Amma 'yar kalmar korewa, wadda Dakta ta saba ji a ƙarshe manne da aikatau, ta tashi daga can ta dawo gaba, ta tsaya kafin "duk", da wani ɗan ƙarin sauti a jikinta. Shekara biyu tana ɗaukar muryar matar nan, ba ta taɓa jin wannan ginin ba. Ba ta taɓa kawo yanayin da zai sa a faɗe shi ba.

"Sake faɗa, Kaka. A hankali."

Ta sake. Dakta ta rubuta, ta sa alamar karin sauti a kan kowace gaɓa, sannan ƙarƙashinta, ba tare da ta yi tunani ba, ta zana ƙugiya a gaba, A kifaffe a bayanta. Ashe yaren bai bar jimla ɗaya ta ɗauki kaya biyu ba. Kowace ma'ana ya gina mata ɗakinta. Wannan ya fi abin da ta rubuta kyau nesa ba kusa ba, kuma ba zai rubutu a kwana biyu ba. Sai an gwada shi da wasu aikatau, da "wani", da "da yawa", a kan kujeru cike da wayam da na tsakiya. Litinin ta tafi.

"Wannan za a iya faɗinta ko da babu wanda ya zo?" ta tambaya.

"Ba ƙarya ba ce. Amma mai jin ki zai ce kin ɓoye masa wani abu." Kaka ta gyara zama, ta jingina da bango. "Ai amfaninta ke nan. Tana cewa akwai wanda bai zo ba, ba ta cewa wane ne, ba ta cewa su nawa ne. Akwai wata 'yar garinmu da ta zo duba ni, tsohuwa kamata, mai bakin tsiya. Ta ce, ina jikar nan taki mai karatun yarenmu, wadda kike ta cika mana baki da ita? Jikokin naki sun zo kuwa? Sai na ba ta wannan."

"Me ta ce?"

"Me za ta ce? Ban yi ƙarya ba, ban kuma ba ta sunan kowa ta tafi da shi ba."

Dakta ta dubi layin da ta rubuta. Akwai aƙalla ɗaya da bai zo ba. Shekaru tana rubuta wannan a allo, tana kiransa x, ba ta taɓa tambayar ko wane ne ba.

"Kaka, ni ce," ta ce. "Ki yafe mini."

"Na san ke ce, ai ba makauniya ba ce ni." Tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗauki hoton daga cinyarta, ta mayar mata. "Kashe abin nan, yana cin batir a banza. Yaushe za ki koma?"

Dakta ta kashe rikodar. Ta ɗauki waya ta rubuta wa Jan Biro layi biyu: babi na huɗu ya faɗi, akwai wani gini da ban sani ba, ba zan miƙa bana ba. Amsa ta zo kafin ta ajiye wayar, kalma uku: Zauna ki tambaya.

"Ba yanzu ba," ta ce wa Kaka. "Akwai tambayoyi da yawa."

"Da 'yan sanduna?"

"Da mutane na gaske."

"To je ki ce wa gwaggonki ta ƙara hannu a tukunya. Kuma ki jawo kujerar nan kusa, kin zauna can nesa kamar baƙuwa."

Kujerar roba ce fara, tana jingine da bango tun shigowarta, babu kowa a kai. Dakta ta jawo ta har jikin gadon, ta zauna.